Da wane harshe yaro zai fara karatu?

Baban Ummi: Jama'a raina a ɓace yake. 'Yata tana aji uku, tana rera lissafin sau da Turanci tiryan-tiryan, amma ka ce mata ƙwai uku sau biyu nawa ne sai ta zuba maka ido. A haka kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya soke tsarin koyarwa da harshen uwa a 2025. Turanci tun aji ɗaya bauta ce kawai!

Sani Waya: Bauta?? To WAEC da JAMB da Hausa ake rubuta su? Mu da muka yi da Turanci bayi ne kenan?

Malama Hajara: Sani ba cewa aka yi a bar Turanci ba. An gwada abin nan a Ile-Ife tun 1970 ƙarƙashin Farfesa Babs Fafunwa, wasu yara aka koya musu komai da Yarbanci shekara shida, Turanci na matsayin darasi guda, wasu kuma aka juya su zuwa Turanci a aji huɗu yadda aka saba. 'Yan Yarbancin ba a bar su a baya ba ko a Turancin, a wasu darussan ma sun wuce. Dalili kuwa, yaro sau ɗaya yake koyon haɗa baƙi da wasali, in ya iya da harshen da yake ji sai ya ɗauke shi ya kai wani harshen. In bai iya ba hadda zai yi ta yi, kuma gane shi ba wuya, canja masa tambayar kaɗan ka gani.

Sani Waya: Ni dai ya janye kalmar bauta.

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar tun 1973 aka buɗe lakkwal ta gwaji da Hausa a Zinder, amma manya duk ta Faransanci suke kai 'ya'yansu.

Malam Bulus: Malama kin ɓoye rabi. A Ife an rubuta musu littattafai sabbi, an horar da malamai, ajin gwajin farko har malamin Turanci na musamman aka ba shi. Kawo wannan ajin mai yara ɗari babu littafi mu gani. Sannan ajina a Jos akwai Birom, Angas, Fulani, Ibo, uwar wa za mu bi?

Sani Waya: Yauwa, ashe mai cewa bauta shi ke son bautar da wasu da Hausa.

Baban Ummi: Kai da ko takardar haya ba ka iya karantawa sai an fassara maka.

Sani Waya: A fito da sakamakon WAEC, ni da kai.

Malama Hajara: Maganar littattafai gaskiya ce Malam Bulus, amma ajin da babu littafin Hausa ai na Turancin ma babu. Ta Jos ɗin ce ban da amsarta.

Admin: To a taƙaice an yarda Hausa ta fi, bincike ya tabbatar, masu ja ba su kawo hujja ba. Na rufe.

Malam Bulus: Wa ya yarda?