Kalma ta uku a sel: wai sai da sabon Excel?

Akawun Sito: Salamu alaikum jama'a. Ina da layi kusan 400 a Excel irin "Buhun gero ashirin daga Illela", kalma ta uku kawai nike so wato adadin buhu. Wani yaro ya ce min wai ba ya yiwuwa sai da sabon Excel tunda tsawon kalmomin ba ɗaya ba ne. Gaskiya ne?

Ɗan Kafe: Yaron ya yi gaskiya yallaɓai, ga abin da anka yi don wanga aiki
```
=INDEX(TEXTSPLIT(A2," "),3)
```
in ka sa shi a Excel 2016 #NAME? zai ba ka.

Mai Albasa: haba ku kam, ba MID ba ne? ni `=MID(A2,12,7)` na sa kuma ashirin ta fito tsaf

Ɗan Kafe: Alhaji jawo shi ƙasa zuwa "Buhun shinkafa biyar daga Goronyo" ka gani, "afa biy" zai ba ka 😂

Malama: Ɗan Kafe rabin maganarka daidai ne, TEXTSPLIT babu shi a 2016, amma cewa ba ya yiwuwa ban yarda ba, tun kafin a yi shi muke wanga aiki.
```
=TRIM(MID(SUBSTITUTE(TRIM(A2)," ",REPT(" ",LEN(A2))),2*LEN(A2)+1,LEN(A2)))
```
Dabarar ita ce a buɗa tsakanin kalmomin sosai yadda in ka yanko ba za ka haɗo da maƙwabciya ba. Layin Illela tsawonshi 30 ne har da sifes, to kowane sifes guda sai ya koma 30. MID ya fara yanka daga 61 ya ɗauki 30, wato zuwa 90. Gero ta ƙare tun a 39, ashirin tana zaune 70 zuwa 76, kalmar "daga" kuwa sai 107 ta fara, kun ga ashirin kaɗai ta faɗo ciki, TRIM na waje ya share sifes ɗin da ya rage.

Ɗan Kafe: to mi ya hana ki sa 100 kawai maimakon LEN har uku Malama, ya fi sauƙin karantawa

Malama: Zai yi a layukan Akawu. Amma ranar da kalmomi ukun farko sunka haura harafi 100 zai gutsure ta ukun kuma ba zai nuna kuskure ba. Naka ma in anka buga sifes biyu a jere zai ƙirga fanko a matsayin kalma, sai ka sa TRIM(A2) ciki.

Akawun Sito: Ya yi Malama, Allah shi saka. Sai dai wasu layuka da na kwafo daga intanet sel ɗin fanko ya fito

Malama: Galibi sifes ɗin intanet ne CHAR(160), ido ba ya bambanta shi kuma TRIM ba ya taɓa shi. Gyara su a B2 da `=SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," ")` sannan ka maida fomular kan B2.

Mai Albasa: to "Buhun jan wake goma" fa? ni wake ya ba ni

Ɗan Kafe: ai wake ce ta uku Alhaji, nan kam ko nawa ko na Malama duk wake za su ba ka