Wace kalma za mu ba cache? A kan kyamarar waya mai nuna baƙi

Malam Tanko: Assalamu alaikum jama'a. Ina rubuta ɗan bayani da Hausa a kan abin da mutum zai yi idan ya buɗe kyamarar wayarsa ta nuna baƙi ƙirin, ko ta rubuto "Camera failed" ta rufe kanta. Matakin da kowa ke fara ambata shi ne a shiga `Settings > Apps > Camera > Storage` a danna `Clear cache`. To a nan na tsaya cak. Me za mu kira `cache` ɗin nan? Na fara rubuta "ma'ajiya", sai na ga ai ita muka riga muka ba `Storage`. Idan na ce wa mutum ya share ma'ajiyar kyamara, wallahi ba zai danna ba, zai ɗauka hotunansa ne za su tafi.

Nazifi: Wa alaikumus salam Malam. Abin ai mai sauƙi ne, a ce "shara". Tarkace ne da manhaja ke tarawa har ya toshe ta, shi ya sa kyamara ke yin baƙi. Ka share shara, waya ta dawo daidai. Har ma ya fi daɗin faɗa.

Hajiya Binta: Ni dai da na ga kan maganar na ɗauka kuɗi ake nufi, irin kyash ɗin da ake cira. Allah Ya sa ba wani caji ake yi wa mutum ba kafin kyamara ta buɗe.

Malam Tanko: A'a Hajiya, babu ruwan kuɗi. Amma kin taimake ni, don da har ina tunanin mu ari kalmar yadda take mu rubuta "kyash". Ga shi kin nuna mini inda za ta kai mu.

Oga Rabi'u mai gyara: Nazifi, daɗin faɗa kam akwai, amma "shara" za ta koya wa mutane abin da ba haka yake ba. `cache` ba datti ba ne. Abu ne da manhaja ta ajiye kusa da hannunta da gangan don kada ta sake wahalar haɗo shi, kamar ƙananan samfuran hotuna da fayilolin da take aiki da su na ɗan lokaci. Idan ka goge, za ta sake ƙirƙirar sabo da kanta. Inda kake da gaskiya shi ne wani lokaci fayil ɗaya a ciki yakan lalace, musamman bayan sabunta waya ko idan ta mutu ana tsakiyar ɗauka, sai manhajar ta riƙa tuntuɓe da shi duk sanda aka buɗe ta. Wannan yana faruwa. Sai dai a wayoyin da ke zuwa hannuna da baƙin allo, waɗanda gogewar ke warkarwa su ne marasa rinjaye. Ana fara da ita ne don ba ta cin komai kuma ba ta ɓata komai, ba don ita ce maganin ba.

Malam, kalmar da za ka zaɓa dole ta raba abu biyu da ke zaune kusa da juna a allo. `Clear cache` ba ya taɓa saitinka. `Clear data`, wanda wasu wayoyi ke rubutawa `Clear storage`, yana mayar da manhajar kyamara kamar ranar da aka saye ta, duk zaɓin da ka yi ya tafi. Amma ko shi ba ya goge hotuna, don hotunan suna cikin `DCIM`, wurin da waya ke ajiye hotuna, ba cikin manhajar ba. Wannan a kan kyamara nake magana. Kada wani ya je ya danna `Clear data` a kan manhajar hira ya zo yana nemana.

Malama Zulai: Ni ina ganin "ajiyar wucin-gadi". Ajiya ce, ba ma'ajiya ba, wato abin da aka ajiye ba wurin ajiyewa ba. "Wucin-gadi" kuma yana kwantar wa mai karatu da hankali cewa ba abin dindindin zai rasa ba. Sai `data` ta zama "bayanan manhaja".

Nazifi: Malama ta yi tsawo. Wa zai tsaya a waya yana cewa "ka goge ajiyar wucin-gadi"? Ni na tuno "kwantai".

Malama Zulai: Kwantai abin da aka rasa mai so ne har ya kwana. Ita kuwa wannan ana komawa gare ta kullum, amfaninta ke nan. Ka sake dawo da mu kan shara ta bayan gida.

Abba: Ku yi haƙuri in katse ku, ni matsalar ce a hannuna yanzu haka. Ko me kuka kira shi, na goge shi, na goge `data` ma, na kashe wayar na kunna. Kyamarar baya baƙi ce har yanzu. Oga Rabi'u a taimaka.

Oga Rabi'u mai gyara: To Abba, mu bi ta a hankali. Ta gaba fa, tana nunawa? Tocila tana kamawa? Sannan ka ja labulen sama ka duba ko akwai maɓallin `Camera access`. Tun daga Android 12 aka sa shi, kuma idan yana kashe, manhajoji baƙi kawai suke samu alhali lafiyar kyamara ƙalau. Na sha ganin wanda yaro ya taɓa masa shi.

Abba: `Camera access` a kunne yake. Ta gaba tana yi sarai. Ina juyawa zuwa ta baya sai ta yi baƙi na ɗan lokaci ta rufe. Tocila tana kamawa.

Oga Rabi'u mai gyara: Da ta gaba tana aiki, mun riga mun san izini ba shi ne matsalar ba, don izinin kyamara guda ne, ba a raba na gaba da na baya. Saura mu ga ko wata manhaja ce ta riƙe ta. Ita kyamara a bisa al'ada manhaja ɗaya take yi wa aiki a lokaci guda. Tsarin waya yakan ƙwace ta ya ba wadda ke gaba, amma ba kullum ake sakinta lami lafiya ba, musamman manhajojin tocila da aka sauke daga waje, da na karanta lambar `QR`, da masu ɗaukar bidiyo a ɓoye, ko kiran bidiyo da bai katse da kyau ba. Idan ka ga koren ɗigo a saman allo alhali ba ka buɗe kyamara ba, wata manhaja na riƙe da ita ko da makirufo.

Hanyar da ke yanke gardama ita ce `Safe mode`. A yawancin wayoyin Android za ka danne maɓallin kashewa, sannan ka ɗora yatsa a kan `Power off` ka riƙe har zaɓin ya fito. A can duk manhajojin da ka sauke ba sa tashi. Ka gwada kyamarar baya a ciki. In ka fito, ka gwada ta kuma ta cikin wata manhaja, misali wadda kake aika hoto da ita.

Abba: Na yi. A `Safe mode` ma baƙi ce. Ta cikin manhajar hira ma haka, ta gaba ta yi, ta baya ta ƙi.

Oga Rabi'u mai gyara: To yanzu ka faɗa mini gaskiya, me ya sami wayar kafin wannan? Faɗuwa, ruwa, ko an buɗe ta?

Abba: An canza mini batir. Ban lura da kyamarar ba sai bayan na dawo gida.

Oga Rabi'u mai gyara: Ai da ka fara da wannan. Kyamarar baya tana haɗe da allon injin waya da wata siririyar igiya mai ɗan soket da ake dannawa ya zauna. Mai canza batir yana aiki kusa da wurin, wani lokaci soket ɗin ya ɗaga kaɗan, wani lokaci ƙarfen ɓamɓara ya ƙwarzani igiyar. In ɗagawa ce, dannawa kawai za a yi. In igiyar ta yage, sai sabuwar kyamara. Tocilar da ta kama kada ta ruɗe ka, a wayoyi da yawa fitilar tana kan allon injin ne, ba jikin kyamarar ba. Ka koma wurin wanda ya buɗe ta, kuma kada ka yarda a fara da filashin, wato sake ɗora wa wayar tsarinta. Ba na cewa sabuntawa ba ta taɓa kashe kyamara ɗaya ta bar ɗaya ba, yana yiwuwa, amma naka ya zo daidai da buɗe waya.

Malam Tanko, ka sa wannan a rubutunka: kyamara ɗaya ta mutu a kowace manhaja har a `Safe mode`, wannan alamar ƙarfe ce, wato kayan cikin wayar ne suka samu matsala, ba manhaja ba. Haka in hoto yana rawa tana ƙara kamar ƙudan zuma, abin da ke daidaita gilashin ne ya samu matsala. Kamfanin Apple ma ya yi gargaɗi a 2021 cewa girgizar babur mai ƙarfin inji tana iya lalata shi idan aka ɗaure waya a jikin babur ɗin. Raɓa a cikin gilashi kuma ruwa ne ya shiga. Masu Samsung suna iya buga `*#0*#` su gwada kyamarar kai tsaye, ko da yake ba kowace ke karɓar lambar ba.

Nazifi: Amma Oga da ya yi `Factory reset` ai da an tabbatar.

Oga Rabi'u mai gyara: Za a tabbatar, amma da tsadar goge masa komai, a kan abin da ya riga ya nuna kansa. Wannan na wanda wayarsa ba ta faɗi ba, ba a buɗe ta ba, ba ta sha ruwa ba, kuma sai ya kwashe kayansa tukuna.

Hajiya Binta: Ni tawa ba ta da wannan `Clear cache` ɗin sam, na duba.

Oga Rabi'u mai gyara: In iPhone ce Hajiya, ba za ki gan shi ba, kyamararta ba ta da wannan maɓallin. Rufe manhajar za ki yi, ki kashe ki kunna, ki duba sabuntawa.

Malam Tanko: Madalla. To ga inda na tsaya: `cache` zan rubuta "ajiyar wucin-gadi", `data` kuma "bayanan manhaja", `Storage` ta ci gaba da zama ma'ajiya. Aikatau ɗin ne ban yanke ba, "share" ko "goge".

Malama Zulai: "Goge" muke cewa idan hoto ya tafi ba dawowa. A bar ta ga `data`, a ba ajiyar "share".

Nazifi: Kin gani ko? Abin da ake sharewa ai shara ce. Ni dai a baki "shara" zan ci gaba da cewa, ku rubuta taku.

Oga Rabi'u mai gyara: Akwai kuma `Wipe cache partition` da ke cikin `Recovery`, wato shafin gyaran tsarin waya, a wasu wayoyi, wannan ta tsarin wayar ce gaba ɗaya, ba ta manhaja ɗaya ba. Ita me za ku kira ta? In kuka ba su suna ɗaya, wani zai shiga can, kuma `Wipe data`, mai goge komai, yana nan kusa da ita.

Malam Tanko: Wannan kam ba zan sa ta a rubutun ba sai mun samo mata suna. Abba, in an buɗe wayar ka dawo ka faɗa mana, soket ne ko igiya.