Hannun robot ɗina yana lanƙwasa kamar roba: in zauna fentin nauyi ko in rarraba shi?

Sabon_Hannu: Assalamu alaikum. Na ƙera hannun robot a Blender don tallan wani mai walda: gindi, dantse, damtsen ƙasa, wuyan hannu da ɗan maƙatan kamu. Na haɗe su abu ɗaya da Ctrl+J, na sa ƙashi huɗu, na yi Ctrl+P na zaɓi With Automatic Weights. Da na ja ƙashin IK, wanda sauran ƙasusuwan ke bi idan an ja shi, ƙarfen gwiwar sai ya lanƙwashe, kusoshin ma suna miƙewa. Ranar Asabar zan kai aikin. In gyara da Weight Paint, ko in rarraba sassan in sake daga farko? Kuma nawa ake caja a irin wannan?

Ɗan_Sabongari: Sa Rigify kawai ka huta.

Uwar_Zane: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ajiye burushin nan. Automatic Weights don jiki mai tsoka aka yi shi, yana raba nauyin kowane ɗigo tsakanin ƙasusuwan da ke kusa, shi ya sa kake ganin kore da rawaya a gwiwar. Ƙarfe kuwa ja zalla yake so ko shuɗi zalla, wato 1 ko 0. Ba sai ka rarraba ba. Goge rukunonin da ya ƙirƙira, ka sake Ctrl+P da With Empty Groups. Shiga Edit Mode, ɗora linzami kan dantsen ka danna L, zai zaɓo guntun gaba ɗaya. A Vertex Groups zaɓi sunan ƙashinsa, Weight a 1.000, danna Assign. Haka za ka bi sauran. Kusa ko waya da ka manta za ta tsaya a iska idan hannun ya motsa, da haka za ka gane ta.

Ɗan_Sabongari: Ni da burushi nake yi, kuma yana fita tsaf.

Uwar_Zane: Burushi ba ya isa ɗigon da ke ɓoye cikin mahaɗa. Juya gwiwar digiri 90 ka leƙa ciki.

Mai_Renda: Ku bar ta fasaha, ka karɓi kafin alƙalami? Ni na yi wa wani kamfani injin ɗaukar kwali, har fistan na sa masa da Damped Track yana shiga yana fita. Na tura samfuri ba tambari a kai, washegari na gan shi a shafinsu da kiɗa. Na kira, wai oga ya yi tafiya. Har yau ogan bai dawo ba. Kada ka karɓi ƙasa da naira 80,000, rabi a hannu.

Ɗan_Sabongari: 80,000 a wajen mai walda? 20,000 ma sai ya ce zai haɗa maka da ƙofa.

Baban_Ilham: Ka karɓi ƙofar, ta fi alkawari.

Sabon_Hannu: Yaya, na gode, ƙarfen ya daina lanƙwasa. Amma yanzu gindin ma yana bin IK ɗin, gwiwar kuma wani lokaci sai ta karye ta baya.

Uwar_Zane: Chain Length ɗinka yana kan 0, shi ya sa ya kama har tushe. Idan a damtsen ƙasa ka sa shi, 2 zai tsaya a dantse. Ƙashin da kake ja kuma kada ya zama ɗan wani a cikin sarƙar: Alt+P, Clear Parent, ka cire masa Deform. Karyewar baya kuwa, ka zana ƙasusuwan a miƙe sambal ne. Ɗan tanƙwara gwiwar a Edit Mode ta inda kake so ta riƙa naɗewa.

Baban_Ilham: Pole Target ne maganinta, Pole Angle a -90.

Uwar_Zane: Wannan na hannun mutum ne, Malam, kuma -90 ɗin ya danganta da Roll na ƙashin. Gwiwar inji a kan layi ɗaya take juyawa. A Bone Properties, ƙarƙashin Inverse Kinematics, ya kulle biyu da Lock IK ya bar ɗaya, ya sa mata Limit a nan. Limit Rotation na cikin Bone Constraints, IK ba ya kallonsa.

Baban_Ilham: Ni dai Pole nake sawa shekara da shekaru, ba wanda ya dawo min da aiki. Wa ya taɓa ganin aikinki ma?

Mai_Renda: Ba a dawo maka da shi ba saboda ba a biya ka ba ne. Kai kuma Sabon_Hannu, ka rubuta wa mai waldar gyara sau biyu kawai, in ba haka ba ranar Lahadi zai ce a mayar da robot ɗin kore, ya riƙa ɗaga wa jama'a hannu.

Sabon_Hannu: To in na kulle biyun, ta yaya gindin zai juya hagu da dama? In sa Chain Length 3 ko in juya shi da hannu?

Ɗan_Sabongari: Wai tsakani da Allah, wa ya iya sa tambarin da ba a yanke shi a waya? Nawa ma yanke shi suka yi.