Neman kalmar Hausa: me za mu kira tafƙiɗ na ceki da rasit?

Malam Habibu, Jidda: Assalamu alaikum. An ba ni darasi in shirya wa 'yan uwanmu masu aiki a shagunan Bab Sharif a kan cike ceki da rasit da Larabci, kuma ranar Alhamis zan gabatar. Abin da ya tsayar da ni shi ne tafƙiɗ, wato rubuta adadin kuɗi da kalmomi tsakanin "faƙaɗ" da "la gaira". Ina neman sunan da zan sa a kan babin.

Hajiya Rabi, Makka: Wa alaikumus salam. Malam, ka rubuta "adadin kuɗi da kalmomi", kowa zai gane. Amma ka fi ba da ƙarfi ga jerin lambobin, domin a nan yaranmu suke faɗuwa. Mu muna cewa ashirin da biyar, Balarabe kuwa biyar yake fara faɗa, "hamsa wa ishiruna", sai yaro ya juya ya rubuta 52. Riyal 325,750 ana rubuta shi "faƙaɗ salasumi'a wa hamsa wa ishiruna alfan wa saba'umi'a wa hamsuna riyalan la gaira". Idan lamba da kalmomi suka saɓa a ceki, doka da kalmomin take aiki, kuma sau da yawa ma'aikacin banki mayar da cekin yake yi.

Alhaji Ɗanjuma, Madina: Hajiya, abin da kika kawo bayani ne, ba suna ba. Tunda daga "faƙaɗ" suka ciro tafƙiɗ, mu kuma muna da "kacal", ina ganin a ce "kacaltawa". Na daɗe ina amfani da ita a shagona. Mai ceki ya kacalta kuɗinsa, shi ke nan.

Malam Habibu: Alhaji, "kacal" tana nuna ƙarancin abu, kamar a ce riyal goma kacal aka ba shi. Aikin "faƙaɗ" da "la gaira" kuwa toshe farkon layi da ƙarshensa ne, don kada wani ya ƙara kalma bayan an sa hannu.

Alhaji Ɗanjuma: To sai yaushe za mu daina aro? Kakanninmu sun ƙirga wuri da zambar, ba su jira kowa ba. Harshen da ba ya ƙirƙira kullum a baya yake.

Malama Asma'u, Riyad: Ranka ya daɗe, ashirin da talatin da hamsin duk daga Larabci suka zo, haka metan da hamsaminya, kuma ba wanda ya ce sun rage mana daraja. Ni da za a ce "tafƙiɗi", kamar yadda muke cewa tafsiri, ba zan ƙi ba. Abin da ya fi damuna yana cikin Hausar kanta. Idan mai kaya ya ce "dubu ɗari uku da ashirin da biyar", mai rubutu zai iya fahimtar 325,000, zai kuma iya fahimtar 300,025. Larabci ba ya barin wannan shakka, domin "alfan" tana zuwa ne bayan an gama ƙirga dubban. Saboda haka a koya musu su fara rubuta lamba, mai kuɗin ya gani ya amince, sannan a juya ta zuwa kalmomi.

Usman, Jidda: Baba Alhaji, a gafarce ni, mu da muka taso a Wad Madani ta ƙasar Sudan wata matsalar muke da ita. Tun da aka sauya kuɗi a 2007, fam ɗaya ya zama daidai da dubu na tsohon fam, amma mutane ba su daina kiran fam dubu "miliyan" ba. Wace kalma za a rubuta ke nan a rasit?

Hajiya Rabi: Usman, ba wannan Malam ya tambaya ba, amma amsar ita ce a rubuta abin da lamba ta nuna. Idan 1,000 ce, "alf" za ka rubuta, ko da duk kasuwa miliyan take cewa.

Malama Asma'u: A ƙara da siffar riyal ɗin: daga uku zuwa goma "riyalat", daga sha ɗaya zuwa casa'in da tara "riyalan", bayan ɗari ko dubu cif kuma "riyal". Kuskure a nan ba ya canza adadi, don haka kada a tsorata ɗalibai da shi.

Malam Habibu: Na gode. Zan sa "Rubuta adadin kuɗi da kalmomi" a kan babin, in ambaci tafƙiɗi a ciki tunda ita za su ji a bakin ma'aikatan banki. "La gaira" zan fassara ta da "babu ƙari". "Faƙaɗ" ce har yanzu ban samu wadda ta kwanta mini ba.

Alhaji Ɗanjuma: Ka sa abin da ka ga dama, Malam, darasinka ne. Amma a wurin "faƙaɗ" ɗin ka gwada "kacal" a gaban ɗaliban, ka ji abin da za su ce kafin ka yar da ita.