Ta kai wa tela ya yanka, yanzu tana so in mayar mata da kuɗi

Maman Haidar: Assalamu alaikum 'yan uwa, ku taimaka min da gyaran saƙo. Ina sayar da atamfa da leshi daga gida a nan Gusau. Wata Hajiya a Ƙaura Namoda, aminiyar yayar maigidana ce, tare suka yi makaranta, ita ma yayar tamu ce ta haɗa mu lokacin bikin 'yarta, kuma kun san halin dangin miji. Ta sayi leshi yadi biyar a kan 48,000, na ba direba a tasha ran 3 ga wata. Sai jiya 14 ta ce kalar ba ita ce ta hoto ba, in mayar mata da kuɗinta, alhali tela ya riga ya yanka. Ga abin da na rubuta ban tura ba: "Hajiya kin san dokarmu, kayan da aka saya ba a mayarwa. Ke kika zaɓa da kanki, ba laifinmu ba ne. Sai haƙuri." Ba zan biya ba, amma ba na son rashin kunya.

Alhaji Mai Shadda: Saƙonki daidai na, tura shi hakanan. Shekarata ashirin ga sana'ar ga, ban taɓa mai da kuɗin yadin da anka sa ma almakashi ba. Wanga ba abin dogon bayani ba na. In kinka fara lallashi ta ga gadon barcinki.

Anti Rabi: Alhaji, a gafarce ni, ƙin biyan yana kan hanya, amma saƙon zai ja mata faɗa. Maman Haidar, "kin san dokarmu" kamar kin ce mata tana sane take neman cutarki. "Ba laifinmu ba ne" kuma ƙofar musu ce, gobe za ta turo miki hoton kayan kusa da hoton da kika sa, ku kwana kuna gardamar kala. Hujjarki mai ƙarfi almakashi ce, ba kala ba. Sannan mene ne ainihin ƙa'idar taki? Kawo ta yadda take a rubuce.

Maman Haidar: "Ana canza kaya cikin kwana 3 in ba a yanka ko an wanke ba. Ba a mayar da kuɗi."

Anti Rabi: To kin gani, abin da kika rubuta mata ma ba ƙa'idarki ba ce. Ke kina karɓar canji, amma kika ce ba a mayarwa sam. In ta gano haka ta kama ki da magana biyu. Gwada wannan:

"Assalamu alaikum Hajiya, ina wuni, ya gida ya iyali? Na ga saƙonki, kuma ban ji daɗi ba da kayan bai yi miki yadda kika so ba. Ƙa'idarmu ita ce muna canza kaya cikin kwana 3 da karɓa, matuƙar ba a yanka ko an wanke ba. Naki ya iso ran 3 ga wata, maganar ta zo min ran 14, kuma an riga an yanka, ba yadda zan iya sayar wa wani. Saboda haka ba zan iya mayar da kuɗin ba, ki yi min afuwa. Abin da zan iya shi ne in rage miki 3,000 a sayayyarki ta gaba, kuma in yi miki bidiyon kayan a hasken rana kafin ki biya. Na gode da fahimta, Allah Ya bar zumunci."

Duba, "ba zan iya ba" sau ɗaya ya fito a kan kuɗin, kuma a fili. Kar ki sa "bari mu gani" ko "zan yi magana da maigida", za ta ɗauka alkawari ne ta riƙa bibiyarki. Kuma ki rubuta, kar ki yi saƙon murya, murya tana tona fushi.

Alhaji Mai Shadda: Ragin mi kuma? Wanda ya yi ragi ya amsa laifi. Cire shi.

Ummu Safiya: Ni ma haka aka yi min a Birnin Kebbi, na sayi mayafi ruwan toka aka kawo min ruwan ƙasa, da na yi magana mai kayan ta toshe lambata. Ku masu sayarwa ku ji tsoron Allah, hoto daban kaya daban. Har yau yana cikin durowa ban taɓa yafawa ba.

Maman Haidar: Haba Ummu Safiya, ni ban toshe kowa ba. Kuma nawa ruwan ƙwai ne, ita ce ta ce ya fi kama da ruwan goro.

Malam Nasiru: Tambaya biyu. Hoton ke kika ɗauka? Kuma ta ga ƙa'idar kafin ta tura kuɗi? Don a fiƙihu wanda ya sayi abu a kan siffa bai gan shi da ido ba, in ya zo saɓanin siffar yana da zaɓi. Yankan ya hana a mayar da kayan, wannan gaskiya ne, amma in aibi ne na asali malamai suna maganar biyan bambancin farashi. A dokar ƙasa ma, dokar kare masu saye ta 2018 ba ta bar rubutun "ba a mayar da kuɗi" ya rufe bakin wanda aka sayar wa kaya mai lahani ba.

Maman Haidar: Hoton na dilana ne na Kantin Kwari, kowa da shi yake talla. Ƙa'ida kuwa ina sa ta a status kusan duk Juma'a.

Anti Rabi: Nan fa akwai gyara. Status awa 24 yake yi ya ɓace, ba ki da shaidar ta gani. Duba hirarku, in ba ki taɓa tura mata kai tsaye ba, kar ki rubuta "kamar yadda kika sani" ko "kamar yadda muka sanar". Ki faɗi ƙa'idar kawai, ki jingina da yankan. Hoton dila kuma galibi ƙarƙashin fitilar shago ake ɗauka, ruwan ƙwai yana iya fitowa da haske fiye da yadda yake. In kina da ragowar irinsa ki fita da shi tsakar gida ki kwatanta. In bambancin a bayyane yake, ni da ni ce 5,000 zan tura mata a hannu, in canza layin ragin ya zama haka.

Maman Haidar: Anti ribata duka a kayan 6,000 ce, ban da kuɗin mota da na biya. Kuma mutum huɗu sun sayi irinsa ba wadda ta yi magana. Ai da ta buɗe leda ta ga kalar, me ya kai shi wurin tela?

Alhaji Mai Shadda: Shi na nika faɗi tun ɗazu. Ko sisi.

Ɗan Argungu: Ku kai wa tela ya biya mana, ai shi ya ɓata ɗinkin.

Anti Rabi: Ba ɗinki aka ɓata ba, ƙanena, koma ka karanta daga sama.

Malam Nasiru: Ni dai kafin ki tura komai, ki kira yayar maigidan naki ki faɗa mata da bakinki. Saƙon nan ko minti biyar ba zai yi ba zai isa wayarta.

Maman Haidar: Ita fa nake gudu, Malam. Na ɗauki na Anti Rabi amma na cire ragin, na mayar da "ke kika zaɓa" don gaskiya ce. Ban tura ba tukuna. Ga shi Hajiyar ta sake turo murya mai minti huɗu, ban buɗe ba.