Gogewa kashi-kashi: wai tana hana log kumbura?

Nura: Salama alaikum. Akwai tebur a SQL Server mai tsofaffin layuka miliyan 40 da nake son gogewa. An ce in dai ana yi kaɗan-kaɗan, log ba zai kumbura ba. Jiya da dare na sa wannan, kafin minti 45 ya tsaya da kuskure mai lamba 9002, wai log ya cika. Giga 15 ne sarari a faifan. To ina amfanin kashi-kashin?

```sql
WHILE 1 = 1
BEGIN
  DELETE TOP (4000) FROM dbo.Sakonni
  WHERE Rana < '20220101';
  IF @@ROWCOUNT = 0 BREAK;
END
```

Bashir: Wa alaikumussalam. Maganar da aka gaya maka gaskiya ce, ni shekara nawa ina yi. Ina zargin ka sa `BEGIN TRAN` a sama ba ka kwafo mana ba. In ka yi haka, duk zagayen nan aiki ɗaya ne a idon saba, ba zai saki ko taku ɗaya na log ba sai ka ce `COMMIT`. Buɗe wata taga ka buga `DBCC OPENTRAN` yayin da yake gudu, za ka gani.

Nura: Wallahi babu, Malam Bashir. Abin da na turo shi ne duka.

Bashir: To sa `CHECKPOINT` a ƙarshen kowane zagaye. An gama.

Sani: Ku dai kuna son wahala. `TRUNCATE TABLE` ƙiftawar ido ne, kuma ba ya damun log.

Nura: Sani, kana so a kore ni ke nan? Akwai layuka miliyan 90 na shekarun baya-bayan nan a ciki da ake aiki da su.

Sani: Au, na ɗauka duka za a zubar. Afuwan.

Zainab: Nura, kafin ka taɓa komai, buga wannan ka gaya mana abin da ya fito.

```sql
SELECT recovery_model_desc, log_reuse_wait_desc
FROM sys.databases WHERE name = DB_NAME();
```

Nura: Tun jiya da abin ya faru na duba, Anti Zainab, ban dai gane ba ne. `FULL` da `LOG_BACKUP`.

Zainab: To ai ya faɗa maka da bakinsa abin da yake jira. Malam Bashir, a nan nake saɓa muku. Gogewa kashi-kashi ba ta rage yawan abin da ake rubutawa a log, ko kaɗan. Kowane layi da aka goge sai an rubuta shi, kuma kowane indeks da ke kan teburin sai ya rubuta nasa. Miliyan 40 a tashi ɗaya ko a zagaye dubu 10, jimillar kusan ɗaya ce. Abin da kashi-kashi ke ba ka shi ne dama: da zarar zagaye ya kammala, wurin da ya ci a log zai iya komawa a sake rubutu a kansa. Amma "zai iya" na ce. A `SIMPLE`, `CHECKPOINT` ne ke sako wurin, shi ya sa dabararku take muku aiki. A `FULL` kuwa, ko sau dubu aka buga `CHECKPOINT`, saba zai riƙe wurin har sai an ɗauki bakof na log ɗin. Kamar tanki ne da famfo ke zuba, ba a buɗe magudana ba. Ko da bokiti-bokiti ake zubawa, zai cika.

Bashir: Na yarda da rabi. Nawa duk `SIMPLE` ne, gaskiya. To ya mayar da shi `SIMPLE` na dare ɗaya mana, ya goge, da safe ya dawo da shi.

Idi: Kai, Bashir, kada ka jefa yaro a rami. Na taɓa yin haka a wani wurin da na yi aiki. Na juya, na goge, na mayar `FULL`, na tafi gida ina jin kaina gwani. Ashe juyawar nan ta tsinke sarƙar bakof ɗin log, kuma mayarwa kaɗai ba ta ɗinke ta, sai an ɗauki cikakken bakof ko `DIFFERENTIAL`. Ni kuwa ban ɗauka ba. Bakof ɗin log ya yi ta faɗuwa kwana biyu, saƙon gargaɗin yana zuwa akwatin wani da ya bar aiki. Da wani abu ya lalace a kwanakin nan, sai dai mu koma bakof ɗin Lahadi. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Bashir: Laifinka ne wannan, Oga Idi, ba na dabarar ba. Wanda ya ɗauki bakof nan take bai yi asarar komai ba.

Idi: Ya yi asarar daren da aka yi a `SIMPLE`. Ba za ka iya mayar da databes zuwa ƙarfe biyu da rabi na wannan daren ba. Kuma daren da kake goge miliyan 40 shi ne daren da ka fi buƙatar hakan.

Zainab: Nura, kowane lokaci nawa ake ɗaukar bakof ɗin log a wurinku? Sannan ka auna zagaye ɗaya: duba `used_log_space_in_bytes` a `sys.dm_db_log_space_usage`, goge 4000 sau ɗaya tak, ka sake dubawa.

Nura: Awa-awa ake ɗauka. Na auna, kusan mega 6 ne. Indeks uku ne a teburin bayan babban. Kowane zagaye kamar daƙiƙa ɗaya yake ci.

Zainab: Lissafi ya fito. Mega 6 a daƙiƙa, mega 360 ke nan a minti. Giga 15 ɗinka za su ƙare a minti arba'in da 'yan kai, bakof kuma sai minti 60. Abin da ya same ka ke nan. Aikin gaba ɗaya zai rubuta kusan giga 60, wannan babu makawa. Tambayar kawai ita ce nawa zai taru tsakanin bakof da bakof. In aka mayar da shi duk minti 10 a daren, abin da zai taru bai kai giga 4 ba. In ba a ba ka ikon taɓa jadawalin ba, rage gudu: sa `WAITFOR DELAY '00:00:02'` a cikin zagayen, bayan layin `IF`, ya koma mega 6 a daƙiƙa uku, wajen giga 7 a awa. Sai dai aikin awa uku zai zama na takwas da wani abu, ka raba shi dare biyu. Kuma ka leƙa inda ake ajiye bakof ɗin, don giga 60 ɗin nan can za su sauka, sai abin da matsewa ta rage. Mutane na mantawa da wannan.

Sani: In an ɗauki bakof ɗin fayil ɗin zai ragu?

Zainab: A'a. Cikinsa ne ke samun wuri, girmansa a faifai yana nan yadda yake. Nura ma kada ya yi gaggawar matse nasa yanzu, don zai sake buƙatar wurin a daren gogewa.

Bashir: Ni inda har yanzu ban gamsu ba shi ne 4000 ɗin. Ya yi ƙanƙanta. Dubu 50 nake sawa, na gama da wuri.

Zainab: In umarni ɗaya ya tara kulle kusan 5000 a tebur, saba yakan nemi ya kulle teburin gaba ɗaya, masu aiki su tsaya jira. Shi ya sa ake zama ƙasa da haka.

Bashir: Ƙarfe biyun dare wa ke aiki? Daƙiƙa goma ya kulle, ya saki.

Nura: Namu saƙonni na shigowa dare da rana, Malam.

Bashir: To kai ka zauna a 4000. Ni ba zan sauka ba.

Idi: Wani abu kuma: akwai indeks a kan `Rana`? In babu, farkon zai yi gudu, amma ana iya kaiwa inda kowane zagaye sai ya ratsa layuka masu yawa kafin ya tara dubu huɗunsa. Za ka ga daƙiƙa ɗaya ta zama biyar, ta zama ashirin.

Nura: Akwai, yana cikin ukun. Na yi wa mai kula da bakof magana, ya ce minti 15 zai iya, ba 10 ba.

Zainab: Giga 5 da rabi ke nan, ya ishe ka. Ka bar taga ɗaya a buɗe kana duba `log_reuse_wait_desc`. Ganin `LOG_BACKUP` tsakanin bakof biyu ba komai ba ne. Amma in ka ga `ACTIVE_TRANSACTION` ya zauna ya ƙi tashi, tsayar da zagayen ka nemo wanda ya bar aiki a buɗe, don a lokacin bakof ma ba zai sako maka wuri ba.