An yi mini tayin aiki da baki, in ajiye wanda nake yi?

Sabuwar Hanya: Salam 'yan'uwa. Dillalin aiki ya kira ni, ya ce kamfani ya amince, in fara nan da mako biyu, takarda za ta biyo baya. Wurin da nake kuwa notis ɗin kwana 30 ne. Ya zan nemi a rubuta ba tare da na nuna ban yarda da shi ba?

Tsohuwar Ma'aikaciya: Ƙanwata, kar ki miƙa takardar ajiye aiki tukuna. A yau ɗin nan ki tura masa imel, ki rubuta abin da ya faɗa da kanki: muƙami, albashi, ranar farawa, tsawon lokacin gwaji. Ki rufe da "Don Allah a tabbatar mini haka ne, a kuma turo wasiƙar kamfani, da na sa hannu zan ba da notis." Babu mai jin haushin wannan, kullum ana yi.

Wajen albashi ake yawan shan mamaki. Adadin da ake faɗa a waya sau da yawa dunƙule ne. Misali a ce miki 100, takarda ta zo ki ga 70 ne tsayayye, 20 alawus, 10 kuma tukuicin ƙarshen shekara wanda sai an cika sharaɗi. Ki tambaya: kafin cire haraji ne ko bayan? Kuma nawa ne tsayayyen?

Mai Lissafi: Ni dai saƙon waya daga dillalin ya wadatar a ganina, ai rubutu rubutu ne.

Tsohuwar Ma'aikaciya: Malam, ya fi babu, amma dillali ba shi zai biya ta ba, sau da yawa ma sai ta fara aiki yake samun la'adarsa, shi ya sa yake gaggawa. Wasiƙar ta fito daga kamfanin, da sa hannun mai ikon ɗauka. Kwantiragi da yawa na ɗauke da sakin layin da ke cewa abin da ke ciki ya shafe duk alkawarin baya. In an ce za a ƙara albashi bayan wata shida kuma bai shiga ciki ba, ya tafi.

Baƙon Dandali: A duba kalmar "bisa sharaɗin". Nawa tayin ya zo a rubuce, amma sai an gama binciken takardu da jin ta bakin tsohon wurin aikina. Mako uku aka ɗauka. Da na ajiye aiki tun ranar farko, da na zauna a tsakiya.

Sabuwar Hanya: To maganar mako biyun fa?

Baƙon Dandali: Ki ce kwana 30 ɗin zai fara ƙirguwa ne daga ranar da aka cire sharuɗɗan, a rubuta ranar farawa daidai da haka.

Mai Lissafi: In suka ce cikakken kwantiragi sai ranar farko fa? Wasu haka tsarinsu yake, ba sa canzawa. Hajiya, a nan wasiƙar kaɗai ta isa?